Launi, haske da duhu a mafarki: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Shekaruna da dama ina koyarwa a wata makarantar dare ta manya a nan Jos, kuma da wuya mako ya wuce ba wanda ya tare ni bayan darasi da zancen mafarki. Abin da na lura shi ne, yawancin masu tambaya launi ne ke tayar musu da hankali fiye da abin da ya faru a mafarkin. "Malam, fararen kaya fa na gan ta da su." "Malam, ko'ina duhu ne." Na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa, na sa musu lamba don a iya komawa daga wannan zuwa waccan.

1. Shin launi yana canza ma'anar mafarki?

Yana iya canzawa, amma ba shi kaɗai ba. Launi sifa ce ta wani abu: riga, dabba, ruwa, fuska. Masu fassara na da can abin suke fara dubawa, da wanda ya yi mafarkin, da halin da yake ciki, sannan su waiwayi launin. Dubi mafarkin sarkin Masar a Suratu Yusuf, aya ta 43: zangarniya bakwai koraye da waɗansu busassu. Ba a ce koraye da jajaye ba, busassu aka ce. Koren yana nuna ɗanyantaka da albarkar shuka, shi ya sa Annabi Yusuf (AS) ya fassara shi da shekarun yalwa. Ɗauke koren nan ka shafa shi a fuskar mara lafiya ko a kan tuwon da ya kwana uku, ka ga ko har yanzu bushara ce.

2. Kafin a kai ga launi, kowane mafarki ne ma yake da fassara?

A'a. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da abin da mutum ke saƙawa a ransa da rana ya dawo masa cikin barci. Na farko ne kaɗai ake nema wa fassara. Mai sayar da tumatur da attaruhu a Farin Gada in ya ga ja ya cika masa mafarki, kasuwarsa ce ta biyo shi gida, kuma ba sai an buɗe littafi ba.

3. Akwai inda Manzon Allah (SAW) ya fassara launi a mafarki?

Akwai mafarkai masu launi a hadisai ingantattu, sai dai yana da kyau a ga yadda launin ya zauna a cikinsu. A dogon hadisin Samura ɗan Jundub a Bukhari, an ga kogi ja kamar jini da wani mutum yana iyo ana jefa masa duwatsu a baki, aka ce mai cin riba ne. Abdullahi ɗan Salam ya ga kansa a wani koren lambu mai ginshiƙi a tsakiya, aka fassara masa lambun da Musulunci. A duka biyun launin yana ƙarfafa hoton da ya riga ya fito ne, kogin azaba da lambun ni'ima. Ba a tsaya an kafa doka cewa ja kaza ne, kore kaza ne ba. Akwai kuma mafarkai masu yawa da aka fassara ba tare da an ambaci launi ko kaɗan ba. An ga Umar (RA) yana jan riga a ƙasa saboda tsawonta, aka fassara rigar da addini, kuma babu wanda ya tambaya ko fara ce ko baƙa.

Hadisin da aka fi kafa hujja da shi a kan fararen kaya shi ne na Waraƙa ɗan Naufal, cewa an gan shi a mafarki da fararen tufafi, kuma da ɗan wuta ne da wasu tufafin aka gan shi da su. Tirmizi ne ya ruwaito shi, amma shi da kansa ya ce ɗaya daga cikin masu ruwayar ba mai ƙarfi ba ne a wurin malaman hadisi. Masu yaɗa shi a waya ba sa kawo wannan ƙarin bayanin.

Sai hadisin da Bukhari ya kawo, cewa Annabi (SAW) ya ga wata baƙar mace mai yamutsattsen gashi ta fita daga Madina ta sauka a Juhfa, ya fassara shi da cewa annobar Madina ce aka kwashe zuwa can. Wani daga cikin masu sharhi, Muhallab, ya ce asalin fassarar daga lafazin Larabci ne: kalmar sauda'u, wato baƙa, ta ƙunshi sautin su'u, wato mugun abu, da da'u, wato cuta. Ka ga ke nan ko a nan harshe ya shigo, kuma babu abin da ya shafi launin fatar kowa. Duba tambaya ta 5.

4. To daga ina jerin nan ya fito, mai cewa fari alheri, kore addini, rawaya ciwo, baƙi baƙin ciki?

Daga littattafan ta'abiri, wato fassarar mafarki, musamman biyu da suka cika shagunan littattafai: wanda ake jingina wa Ibn Sirin, da na Abdulgani Nabulsi wanda ya rasu a 1731. Muhammad Ibn Sirin tabi'i ne mutumin Basra, ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, kuma ya shahara da fassarar mafarki. Amma babban littafin da ke ɗauke da sunansa, masu bincike sun tabbatar an haɗa shi ne ɗaruruwan shekaru bayan rasuwarsa. A cikinsa ma akwai maganganun mutanen da aka haifa bayansa.

Abin da ya fi damuna shi ne jerin da ke yawo a waya ya yanke sharuɗɗan da littattafan da kansu suka sa. Misali, a kan baƙaƙen kaya sun bambanta: wanda ya saba sa su, girma ne da shugabanci, wanda bai saba ba, damuwa ce. Dalilin a fili yake, domin baƙi shi ne launin daular Abbasiyawa, manyan fada da shi suke ado. A kan ja kuma sun raba tsakanin mace da namiji. Wanda ya kwafe kalma ɗaya ya zubar da sharaɗin, rabin magana ya ba ka. Rawaya da suka danganta da ciwo kuwa daga fuskar mara lafiya aka ɗauko ta, alhali saniyar Banu Isra'ila a Suratul Baƙara, aya ta 69, rawaya ce mai faranta ran masu kallo.

5. Ma'anar launi ɗaya ce ga Bahaushe da Balarabe?

Ko a bakin Bahaushe ɗaya ma ba ɗaya ba ce. Muna cewa farin ciki da farin jini, amma idan aka ce mace mai farar ƙafa ce ba yabo aka yi mata ba. Likkafani fari ne, haramin alhaji fari ne, rigar ango ma sau da yawa fara ce. Muna cewa baƙin ciki da baƙar wahala, amma rawanin ɗan Kura da ya sha shuni har yana ƙyalli, baƙi muke ce masa, kuma adon sarakuna ne. Ja jini ne da haɗari, amma jan gwarzo da jan hali yabo ne. A nan Jos ma kana iya fita gida ɗaya ka tarar an lulluɓe mamaci da fari, ka shiga na maƙwabta Kirista ka tarar masu makoki cikin baƙaƙen kaya. Yaran gidajen biyu idan suka yi mafarkin baƙar riga, ba abu ɗaya ya taso a ransu ba.

Akwai kuma matsalar suna. Wata tsohuwa za ta ce maka baƙin zane ta gani, alhali jikarta da ta ga zanen nan shuɗi za ta ce. Ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan ƙasa, wanne ne zai shiga ƙarƙashin "rawaya" a littafin da aka fassara daga Larabci? Tun kafin a kai ga ma'ana an riga an yi zaɓi.

6. Ni ban taɓa ganin launi a mafarki ba. Akwai matsala?

Babu. Galibi ma kana gani, mantawa kake yi. A 1942 wani malami a Amurka, Warren Middleton, ya tambayi ɗaliban kwaleji, kusan kashi 71 cikin ɗari suka ce da wuya su ga launi a mafarki ko ba sa gani sam. A 2001 Eric Schwitzgebel ya maimaita tambayar ga wasu ɗaliban, waɗanda suka faɗi haka ba su kai kashi 18 ba. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta canza cikin shekara sittin ba. Abin da ya canza shi ne hoto da majigi da talabijin sun tashi daga fari da baƙi sun koma masu launi, sai abin da mutane ke zaton mafarki ya kamata ya yi kama da shi ya canza.

Ko a wancan zamanin, a 1962, da masu bincike suka riƙa tayar da mutane a tsakiyar barcin da ido ke motsi a ƙarƙashin fata, wanda a cikinsa aka fi yin mafarki, suka tambaye su nan take, sama da kashi 80 cikin ɗari na mafarkan an samu launi a cikinsu.

7. In haka ne, launin da na tuna da safe zan iya dogara da shi?

Da taka-tsantsan. Labarin mafarki yakan zauna a kai: wane ne ya zo, me ya ce, ina aka je. Launi shi ne ke fara zubewa, kuma idan aka tambaye ka "wane irin kaya ta sa?" rai ba ya son ya ce bai sani ba, sai ya cike gurbin da abin da ya saba gani ko abin da yake tsoro. Na sha jin mutum ya ba da mafarki da safe babu launi, da yamma ya ba wani ya zama fari tas.

Ga gwajin da nake ba ɗalibaina. Ajiye takarda da biro kusa da matashi. Da ka farka, kafin ka taɓa waya ko ka yi wa kowa magana, rubuta abin da ka gani. Launin da ya fito da kansa a wannan rubutun na farko, ka ja masa layi. Wanda sai da aka tambaye ka ya fito, sa masa alamar tambaya. Ka yi mako biyu a haka. Yawanci za ka ga launukan da suka tsaya su ne na abin da ya ba ka mamaki, kamar akuya koriya, sauran kuwa launinsu na kullum ne. Wannan ba wasa ba ne a addini ma, domin hadisi a Bukhari ya yi kashedi mai tsanani ga wanda ya ce ya ga abin da bai gani ba, cewa za a tilasta masa ƙulla ƙwayar sha'ir biyu ranar Ƙiyama. Kuskuren mantuwa daban ne da ƙarya da gangan, amma ya isa ya sa mutum ya ce "ban tuna launin ba" in bai tuna ba.

8. Na ga haske mai ƙarfi a mafarki. Alamar mafarkin gaskiya ce?

Haske a Alƙur'ani misali ne na shiriya, duhu na ɓata, kamar a Baƙara aya ta 257, kuma daga nan masu ta'abiri suka ɗauko nasu. Sai dai mutane suna haɗa wannan da maganar Nana A'isha (RA) cewa mafarkan Annabi (SAW) na farkon wahayi suna zuwa kamar ketowar alfijir. Abin da ake nufi a can shi ne suna tabbata a fili ƙarara kamar yadda asuba ba ta ɓuya. Ba a ce duk mafarkin da ke da walƙiya gaskiya ne ba.

Sannan ka duba ɗakinka. A 1958 William Dement da Edward Wolpert sun gwada haska wa masu barci fitila, da yayyafa musu ruwa, da kunna musu sauti. Ruwan ne ya fi shiga mafarki, hasken ya shiga kusan kashi ɗaya cikin huɗu, sautin ya zo na ƙarshe. Mu da ake ɗauke mana wuta da magariba mu kwanta ba mu kashe makunni ba, a dawo da ita ƙarfe huɗu na dare ƙwai ya haske fuska, mun fi kowa dacewa da wannan gwajin. Ƙarshen dare kuma shi ne lokacin da barcin mafarki ya fi tsawo.

9. Duhu fa, musamman idan na ji an danne ni ban iya motsi?

Wannan shi ne dannau, kuma yana da bayani. A barcin mafarki jiki yakan saki gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali ya riga jiki farkawa: ido a buɗe, ɗaki duhu, ƙirji da nauyi, guntun mafarki kuma bai gama wucewa ba, sai rigar da ke rataye a ƙusa ta zama baƙin mutum a tsaye. Yana wucewa cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci. Rashin isasshen barci, canjin lokacin kwanciya kamar a azumi ko aikin dare, da kwanciya rigingine suna ƙara shi. Duhun da ka gani, duhun ɗakinka ne na gaske.

Abin da sunna ta koyar ga mummunan mafarki bai bambanta launi ba: ka yi tofi a hagunka sau uku, ka nemi tsari daga Shaiɗan da sharrin abin da ka gani, ka juya ɗaya gefen, in ka so ka tashi ka yi salla, kuma kada ka ba kowa labari. Wanda ya ɗauki mafarkin duhu yana zagaye malamai da shi, ya riga ya saɓa wa na ƙarshen.

Abu ɗaya na daban da zan faɗa saboda sanyin garin nan na Disamba da Janairu: idan ka kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe, ka farka da ciwon kai, jiri da nauyin jiki, kada ka tsaya neman fassarar abin da ka gani. Buɗe ƙofa da taga, fitar da kowa waje, a je asibiti. Iskar gawayi ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci.

10. Za ka iya nuna mana yadda ake auna mafarki ɗaya daga farko zuwa ƙarshe?

Wani tela da ke ɗinki a wajen Taminus ya same ni kwana biyu kafin Babbar Salla, idonsa ja wur. Ya ga mahaifiyarsa zaune a ɗaki mai duhu sanye da fararen kaya, sai haske ya cika ɗakin, ya farka. Kafin ya iso gare ni ya riga ya ji fassara uku. Yayarsa ta fashe da kuka ta ce likkafani ne. Abokin aikinsa ya ce harami ne, Hajiya za ta sauke farali. Wani mai duba kuma ya ce mutuwa ce ke shawagi, a kawo kuɗin farin rago a yi sadaka kafin Juma'a.

Na ce masa, "Malam, wa ka fara ba wa labarin?" Ya ce matarsa, da asuba. Muka kira ta a waya. Ta ce, "Wallahi Malam, ce min ya yi ya ga Inna zaune tana kallonsa, sai haske ya zo. Ban ji zancen fari ba sai da Yaya ta tambaye shi irin kayan da ta sa." To farin ya sha alamar tambaya ke nan, kamar yadda na faɗa a tambaya ta 7. Na tambaye shi me ya ɗinka a makon. Farar shadda, kala goma sha ɗaya, dare huɗu a jere yana kan keke har ƙarfe biyu. Ko da ma ya ga farin da gaske, mun san inda ya samo shi. Hasken fa? Matar ta yi dariya ta ce ita ce ta tashi ta kashe ƙwan da aka kawo wuta. Sai mahaifiyar: tana da hawan jini, maganinta ya ƙare, ya yi alkawarin kai ta asibiti tun makon jiya, ɗinkin Salla ya hana shi.

Da aka cire farin aka cire hasken, abin da ya saura shi ne uwa zaune tana kallon ɗanta. Ban ce masa mafarkin banza ne ba, ban kuma ce bushara ce ba. Na ce alamunsa sun fi kama da kashi na uku a tambaya ta 2. Kuɗin da zai ba da na rago ya saya mata magani da su, washegari ya rufe shago da safe ya kai ta aka auna jininta.

11. Ta yaya zan gane mai fassarar da bai kamata in saurara ba?

Na farko, wanda ya yanke hukunci daga launi kafin ya tambaye ka ko kai wane ne. Labarin da ake bayarwa game da Ibn Sirin shi ne mutum biyu sun ce masa sun ga suna kiran salla, ya ce wa ɗaya zai yi Hajji, ɗayan kuma za a kama shi da sata, saboda bambancin halinsu. In abu guda zai rabu biyu haka, ina ga launi? Na biyu, wanda ya yi magana da yaƙini kamar wahayi. Abubakar (RA) ya fassara mafarki a gaban Annabi (SAW), aka ce masa ya dace a wani ɓangare ya yi kuskure a wani. An kuma ruwaito cewa da aka tambayi Imam Malik ko kowa zai iya fassara mafarki, ya ce da annabci ake wasa?

Na uku shi ne ya fi yawa a unguwanninmu: launin mafarki ya koma launin dabba. Ka ga baƙi, kawo baƙar akuya. Ka ga ja, kawo jan zakara. Babu wannan a sunna, kuma ka lura a hannun wa dabbar ke ƙarewa. Mafi muni shi ne wanda zai ce baƙar macen da ka gani kishiya ce ko maƙwabciya. Na ga zumuncin da irin wannan maganar ta raba, kuma mafarki ba ya zama shaida a kan kowa a shari'a.

12. Ni Kirista ne. Wannan bayanin ya shafe ni?

Ɓangaren barci da mantuwa ya shafi kowa. A Littafi Mai Tsarki ma launi yana tafiya da abin da yake jikinsa: dawakai huɗu na Ru'ya ta Yohanna sura 6, fari da ja da baƙi da ɗaya mai launin gawa, nassin da kansa ya faɗi abin da kowane mahayi ya riƙe ko abin da aka ba shi ikon yi. Ba a bar launin shi kaɗai a matsayin mabuɗin mafarkin kowa ba. Irmiya sura 23 kuma ta yi kashedi a kan masu cewa "na yi mafarki" suna jingina wa Allah abin da ransu ya ƙaga.

13. Yaushe ne launi ko haske yake zama zancen likita?

Idan mafarkai sun koma masu tsananin launi da firgici daidai lokacin da ka fara wani magani, gaya wa wanda ya rubuta maka shi, kada ka daina sha da kanka. Maganin zazzaɓin cizon sauro mai suna meflokwin an san shi da wannan, haka wasu magungunan cuta mai karya garkuwar jiki. Zazzaɓi mai zafi shi ma yana rikita mafarki, yana kuma lafawa in zazzaɓin ya sauka.

Ka kuma tabbatar a barci ka ga abin. Walƙiya a gefen ido kana farke, tare da ɗige-ɗige baƙaƙe masu yawo da suka ƙaru farat ɗaya, ko wani duhu kamar labule yana saukowa ta gefe guda, na iya zama alamar fatar da ke can bayan ido ta fara ɓallewa. Wannan a ranar ake zuwa wurin likitan ido, ba a jira gobe. Wanda kuma mafarkin wuta, hayaƙi da jini ke dawo masa dare bayan dare tun wani tashin hankali da ya gani da idonsa, har yana tsoron kwanciya, to wannan ciwo ne da aka san shi kuma ana maganinsa a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na manyan asibitoci. A garin da ya ga abin da Jos ta gani tun 2001, masu irin wannan mafarkin ba kaɗan ba ne, kuma da yawansu littafin fassara aka miƙa musu.